Malam ya ce na cika takarda da baitoci, Baba ya ce ba a yanka baiti

Assalamu alaikum Hajiya. Ni ɗaliba ce a shekara ta biyu, ina karanta Hausa a wata kwalejin ilimi. An ba mu jinga mu yi nazarin salon wata rubutacciyar waƙa. Na kwana uku a kanta, na cika shafi shida, na kawo baitoci goma sha huɗu cikakku, kowanne na yi bayaninsa a ƙasa. Malaminmu ya dawo mini da ita da jan biro, ya rubuta cewa wannan kwafe ne, ba nazari ba, kuma ya faɗi haka a gaban aji. Ya ce in riƙa tsakuro 'yan kalmomi ina sakawa cikin jimlata. Da na gaya wa mahaifina, wanda almajirin zaure ne kuma shi ya sa mini son waƙa, sai ransa ya ɓaci. Ya ce yanka baiti cin amanar mai waƙa ne, baiti a kawo shi sukutum ko a bar shi. Na gwada yadda Malam ya ce, jimlolin sai su fito a karye. Wata ƙawata da ta ci maki mai kyau ta ce in ɗauki tata in sauya kalmomi. Saura kwana goma in mayar da gyara. Ba na son saɓa wa Baba, ba na son faɗuwa, kuma yanzu ina jin kunyar shiga ajin. Me zan yi?

'Yarki, daga wata kwaleji

Wa alaikumus salam, 'yata. Na daɗe ina koyar da adabi, na kuma duba takardu irin taki ba adadi, saboda haka bari in fara kwantar miki da hankali da abin da na sani. Ɗalibar da ta zaɓo baitoci goma sha huɗu da kanta ta karanta waƙar, ta ji ta, ta san inda daɗinta yake. Wannan shi ne ɓangaren da ba a iya koya wa mutum cikin kwana goma. Abin da ya rage miki dabara ce ta hannu, kuma ita ana koyonta cikin 'yan kwanaki. Faɗar laifinki a gaban aji kuwa bai kyautu ba, kuma ba zan ce miki kada ki ji zafi ba. Gyara a keɓe ya fi shiga. Amma ki raba yadda aka faɗi maganar da abin da aka faɗa, domin abin da Malam ya faɗa akwai gaskiya a ciki.

Baba ma yana da gaskiya, kuma na ga kamar shi da Malam sun fi kusa da juna fiye da yadda kike zato. Ki tambayi Baba yadda malaminsa na nahawu yake yi idan ya zo kafa hujja da baitin Larabci. Zai gaya miki cewa malam yakan rera baitin, sannan ya tsaya ya ce, mahallus shahid a nan shi ne kalma kaza. Wato a cikin baitin nan gaba ɗaya, ga daidai wurin da hujjar take. Har masu wa'azi za ki ji suna faɗin haka bayan sun janyo dogon nassi. Abin da malaminki yake nema a wurinki ke nan, ba wani abu baƙo ba: ki sa yatsa a kan mahallin shaida. Ke kin rera baitocin, sai kika tsaya kafin ki nuna wurin. Kika bar mai karatu da baiti a hannu yana laluben abin da kika gani a ciki.

Tunda ban san waƙar da aka ba ku ba, na tsara wasu baitoci huɗu da kaina, 'yan ƙwar biyu, don mu yi aiki a kansu tare. Ki ɗauka waƙar wani manomi ce a shekarar fari.

Yunwa ta yi sallama ƙofar gida,
Ta shimfiɗa tabarma, ba ta tashi ba.

Rumbu ya yi shiru kamar maraya,
Turmi ya kwana bai ga taɓarya ba.

Irin da na binne da hannuna,
Yana nan kwance, bai ji ruwa ba.

Ban ce ƙasa ta ci amanata ba,
Sama ce ba ta aiko saƙonta ba.

Na san abin da yawancin ɗalibai za su yi da baitin farko, kuma ina zaton haka kika yi. Za su rubuta, "Mawaƙin yana cewa," su sa ruwa biyu, su kwafe baitin a tsakiyar shafi, sannan a ƙasa su ce, "A wannan baiti mawaƙin yana nuna mana cewa yunwa ta zo gidansu ta zauna ba ta tafi ba. Wannan salon mutuntarwa ne." Sai su wuce baiti na biyu su sake yin haka. Duba da kyau abin da ya faru. An faɗi baitin sau biyu, sau ɗaya a waƙe, sau ɗaya a zube, sannan aka manna masa suna. Mai karatu Bahaushe ne, ya riga ya fahimci baitin tun a karon farko. Bai ƙaru da komai ba sai sunan salon, shi ma ba a nuna masa kalmar da ta haifar da shi ba, balle abin da salon ya yi wa waƙar.

Matsalar tana farawa tun daga tsarin aiki. Idan kika fara da baiti, baitin ne zai ja ki, ke kuma ki bi shi a baya kina fassara. Ki juya tsarin. Kafin ki taɓa waƙar da biro, ki rubuta jimla ɗaya taki ta kanki, wadda wani zai iya musa miki. "Waƙar tana magana a kan yunwa" ba ta isa ba, domin babu mai musu a kan haka. Amma idan kika ce, "Mawaƙin ya mai da yunwa baƙuwar da kunya ta hana a kora, don ya nuna cewa mutanen gidan ba su da iko a kanta," to kin faɗi abin da ke bukatar hujja. Yanzu sai ki koma waƙar da tambaya ɗaya tak: waɗanne kalmomi ne, in da babu su, maganar nan tawa za ta faɗi? Ba "yunwa" ba ce, ba "gida" ba ne. "Sallama" ce, da "shimfiɗa tabarma", da "ba ta tashi ba". Kalmomi bakwai ke nan daga cikin goma sha uku na baitin, kuma su ne ke ɗauke da nauyin.

Ga yadda sakin layin zai iya fitowa:

Mawaƙin ya mai da yunwa baƙuwar da kunya ta hana a kora, don ya nuna cewa mutanen gidan ba su da iko a kanta. Ba ta haura katanga kamar ɓarawo ba, "ta yi sallama" ne (baiti na 1), kuma a al'adar Bahaushe wanda ya yi sallama dole a amsa masa. Daga nan sai tsarin karɓar baƙo ya birkice. Mai gida ne ya kamata ya yi wa baƙo shimfiɗa, amma a nan ita da kanta "ta shimfiɗa tabarma", alamar cewa ta ƙwace matsayin mai gida. Ziyara tana da ƙarshe, tata kuwa an rufe baitin "ba ta tashi ba". Yayin da baƙuwar ke motsi, kayan gidan sun daskare: rumbu "ya yi shiru", turmi kuma "bai ga taɓarya ba" (baiti na 2). Ita kaɗai ce mai aikata wani abu a baitocin nan biyu, sauran duk an siffanta su ne da abin da ba su yi ba.

Ki ƙirga. Tsakure biyar ne, babu wanda ya wuce kalma huɗu, kuma an taɓo baiti biyu a sakin layi ɗaya domin magana ɗaya suke goya wa baya. Ki kuma lura da abin da ke biye da kowane tsakure. Bayan "ta yi sallama" ban sake cewa yunwa ta zo ba. Na faɗi abin da sallama take wajabtawa. Bayan "ta shimfiɗa tabarma" na tambayi kaina, wa ya kamata ya yi shimfiɗar? Wannan tambayar ce ta fito da nazarin. Duk lokacin da kika tsakuro kalma, ki yi mata irin wannan tambaya: me ya sa ita, ba 'yar'uwarta ba? Da mawaƙin ya ce yunwa ta faɗo gida, ko ta kutsa, me za a rasa? Amsar da kika samu ita ce jimlar da za ta biyo bayan tsakuren. In kuwa kika ga hannunki yana son rubuta "wato", sannan ki maimaita abin da aka riga aka faɗa, ki dakata, kin koma tsohuwar hanya.

Za ki ga ban ambaci mutuntarwa ba ko sau ɗaya, alhali ita nake bayani tun daga farko. Ke ki ambata, domin malamai suna son ganin sunan, kuma a jarrabawa ana ba shi maki. Sai dai ki sa shi a jimlar farko a wuce wurin, kamar ki ce, "Ta hanyar mutuntarwa, mawaƙin ya mai da yunwa baƙuwa." Sanin sunan salo shi ne mafi sauƙin aikin.

Yanzu ga karyewar jimlolin nan. Hausa tana da wuraren da tsakure ke yin tuntuɓe, kuma in kin san su za ki kauce musu. Wanda ya fi kama ɗalibai shi ne wakilin suna. Mawaƙi yana magana da bakinsa, yana cewa "na", "ni", "hannuna". Ke kuma kina magana a kansa, kina cewa "ya", "shi". In kika rubuta cewa manomin ya binne iri da "hannuna", kin haɗa baki biyu a jimla ɗaya, har mai karatu zai tambaya hannun wa. Mafita biyu ce. Ko ki ba mawaƙin bakinsa a fili, ki ce: manomin bai ce iri kawai ba, ya kira shi "irin da na binne da hannuna", don a ji cewa asarar tasa ce ta ƙashin kansa. Ko kuma ki yanko abin da bai ɗauke da wakilin suna ba, ki ce: kalmar "binne" da ya zaɓa maimakon shuka tana kawo kabari a zuciya, ga shi kuma irin yana "kwance". Na biyun ya fi kaifi a nan, domin ya kai ki kan kalma ɗaya da waƙar ta rataya a kanta.

Wani wurin tuntuɓen shi ne 'yan haruffan da muke liƙa wa kalma a ƙarshe. Jimlarki na iya neman "tabarmar" ko "rumbun", alhali waƙar "tabarma" da "rumbu" ta ce. Kada ki ƙara harafi a cikin alamar zance. Abin da ke tsakanin alamun nan biyu mallakar mawaƙi ne, harafi da harafi. Jimlarki ce taki, ita za ki lanƙwasa. Maimakon ki ce "tabarmar" da yunwa ta shimfiɗa, sai ki ce yunwa ta zo da "tabarma", ko ki bar kalmar a waje da alamar zance gaba ɗaya. Haka nan jinsi: in tsakuren ya fara da "ta", ki tabbata sunan da kika sa a gabansa tamace ne. Idan kika rubuta, fari "ta yi sallama", kin ɓata nahawu kuma kin sauya baƙuwar, domin yunwa ce ta yi sallamar.

Akwai kuma jarabar gyara wa mawaƙi Hausa. A baitin farko na ce "sallama ƙofar gida". A zube za a ce sallama a ƙofar gida, amma mawaƙa sukan yar da irin wannan ƙaramar kalma, ko su gajarta wata, don kari ya zauna. Ki bar shi yadda yake. Wannan ya fi muhimmanci in waƙarku ta Sakkwatawa ce, ko tsohuwa ce da aka juyo daga ajami zuwa boko. In mawaƙi ya ce "wagga", kada ki mai da ita wannan. In ya ce "tahi", kada ki mai da ita tafi. Sau da yawa karin harshen shi kansa hujja ne a nazarin salo. Irin waɗannan waƙoƙin kuma akan sami bambanci tsakanin wannan bugu da wancan, saboda haka ki tsaya a kan kwafin da Malam ya ba ku, ki duba kowane tsakure da shi ido da ido, har ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ. Kada ki amince da haddarki a nan, ko da tun kina ƙarama kike jin waƙar a bakin Baba.

To, bari mu zo inda Baba ya fi kowa gaskiya. Ana cin amanar mawaƙi da yanka, kuma a Hausa abin yana da sauƙin faruwa saboda yadda muke kore magana. Korewarmu takan zo da baki biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, maganar tana tsakiya. Dubi baiti na huɗu: "Ban ce ƙasa ta ci amanata ba". In ɗaliba tana gaggawa, tana son nuna cewa manomin yana cikin fushi, sai ta ciro tsakiyar ta rubuta cewa mawaƙin ya ce "ƙasa ta ci amanata". Kowace kalma tana cikin waƙar, babu harafin da aka sauya, amma an sa wa mutum a baki kishiyar abin da ya faɗa. Shi wanke ƙasa yake yi, ita ta mai da shi mai zarginta. Wannan ƙarya ce, kuma malamin kirki zai fi hukunta ta fiye da dogon kwafe. Ki riƙe wannan: duk inda kika ga "ba" a ƙarshen ɗango, ki nemi abokiyarta a farkon maganar kafin ki yanka. Haka "da", "in", "ko da", "wai". Kalmar "wai" ita kaɗai tana iya nuna cewa mawaƙi maganar wani yake kawowa don ya ƙaryata ta.

Gangara ma tana bukatar kula, wato inda ma'ana ba ta cika a ɗango ɗaya ba sai ta gangara na biye. "Irin da na binne da hannuna" bai zama cikakkiyar magana ba sai an kai ga "yana nan kwance". In hujjarki tana bukatar gaɓar nan, ki kawo su tare a cikin layinki, ki raba da ɗan karkataccen layi don a san inda ɗango ya ƙare: "da hannuna, / Yana nan kwance". In kuma kika tsallake kalmomi a tsakiyar tsakure, ki sa ɗigo uku a gurbinsu, da sharaɗin abin da kika cire bai sauya ma'ana ba. Ni dai nakan shawarci ɗalibai su rage amfani da ɗigo ukun nan. Tsakure biyu gajeru da kalmominki a tsakani sun fi tsabta.

Kada kuma ki fita daga wannan rami ki faɗa wancan. Na ga ɗaliban da, bayan an yi musu irin faɗan da aka yi miki, sai su riƙa sa alamar zance a kan kowace kalma: manomin yana "gida", yana da "turmi", yana jiran "ruwa". Wannan ba ya tabbatar da komai, domin kowa zai iya faɗin waɗannan kalmomi. Ana tsakuro kalma ne idan zaɓenta yana da dalili. Sannan akwai lokutan da cikakken baiti shi ne daidai, kuma Malam ba zai hana ba. In kina magana a kan amsa-amo, ko kari, ko yadda ɗango na biyu ke amsa na farko, dole mai karatu ya ga siffar baitin. Misali, in kina son nuna cewa a baiti na huɗu an ɗauke laifi daga ƙasa an mai da shi sama, kuma kowane ɗango ya ɗauki ɗaya, to ki fitar da baitin a layinsa, ki ɗan tura shi ciki, ba tare da alamar zance ba. Amma bayan kin kawo shi, sai ki koma ki sa yatsa: "ƙasa" a ɗango na farko, "sama" a na biyu, "amanata" da "saƙonta" suna kallon juna. A jinga mai shafi biyar ko shida, baiti biyu ko uku cikakku sun wadatar a ganina. Sauran duk su shiga cikin jimla.

Wani abu da nake so ki kiyaye shi ne iyakar abin da tsakure zai iya tabbatarwa. "Kamar maraya" hujja ce cewa an kamanta rumbu da maraya. Ba hujja ba ce cewa mawaƙin maraya ne. Kuma in akwai baitin da ya saɓa wa ra'ayinki, kada ki ɓoye shi. A misalinmu na ce mutanen gidan ba su da iko, amma baiti na uku ya nuna manomin ya yi nasa aikin, ya binne iri. Mai nazari na gaskiya zai kawo wannan ya ce, ƙoƙarin ya riga ya wuce, yanzu irin ma "kwance" yake kamar sauran kayan gidan. Sai ki ga abin da ya zo kamar zai rushe maganarki ya ƙara mata ƙarfi, in kuma ya rushe ta da gaske, to jimlarki ta farko ce ke bukatar gyara.

Ga yadda zan so ki kashe kwana goman nan. Kada ki jefar da tsohuwar takardar, domin zaɓen baitocin da kika yi aiki ne. Ki zauna da fensir, a kowane baiti daga cikin goma sha huɗun ki ja layi a ƙarƙashin kalmomin da suka sa kika zaɓe shi, kada su wuce biyar. Wanda kika rasa abin ja wa layi a cikinsa, ki ajiye shi, ba ya cikin hujja. Sannan ki tara waɗanda ke faɗin abu ɗaya wuri ɗaya. Za ki ga sun rabu gida uku ko huɗu, kowane gida sakin layi ne ko biyu, kuma kowanne yana bukatar jimlarsa ta buɗewa. Wannan aikin kwana biyu ne. Daga nan ki rubuta sakin layi ɗaya kacal, ki gwada shi ta hanya biyu. Ki karanta wa ƙanwarki da ƙarfi ba tare da kin sauya murya a wurin tsakure ba. In ta ji inda jimla ta yi karo, nan ne za ki gyara. Sannan ki rufe tsakuren duka da yatsa ki karanta abin da ya rage. In har yanzu ana jin ra'ayi yana tafiya, kin yi nazari. In abin da ya rage "mawaƙin yana cewa" ne da "wannan yana nuna", sai a sake.

Wannan sakin layin guda shi za ki kai wa Malam, a ofis, a lokacin da yake ganin ɗalibai, ke da wata 'yar ajinku. Kada ki je da ƙorafin abin da ya faru a aji. Ki gaishe shi ki ce, "Malam, na gwada abin da ka ce, don Allah a duba mini ko na kama hanya kafin in ci gaba." Malami ba ya ƙin ɗalibin da ya zo masa da gyara a hannu. Ki yi amfani da damar ki tambaye shi ƙa'idarsa: lambar baiti yake so ko ta shafi, yana karɓar karkataccen layin nan ko yana da wata alama, daga ɗango nawa yake so a fitar da baiti daban. Sassa sun bambanta a kan waɗannan, kuma tasa ce za ta yi aiki a takardarki. In kin ga ba za ki iya tunkararsa ba tukuna, ki nemi wata malama a sashen ko ɗalibar aji na gaba ta duba miki. Ajin kuma ki shiga gobe. Waɗanda suka ji faɗan rabinsu irin kuskurenki suka yi, kuma sun fi damuwa da takardunsu fiye da taki.

Takardar ƙawarki kuwa, ki gode mata ki bar mata abarta. Malamin da ya karanta taki da jan biro ya karanta tata, zai gane, kuma a lokacin kalmar kwafe za ta zama gaskiya a kanki. In tana son taimaka miki, ta zauna ta saurari sakin layinki.

Dabarar nan za ta bi ki har ɗakin jarrabawa, inda babu littafi a gabanki. Haddace 'yan kalmomi uku ko huɗu daga wurare goma ya fi sauƙi, ya kuma fi amfani, a kan haddace baitoci goma. In kika yi shakkar lafazin wani wuri, ki faɗi ma'anarsa da kalmominki ba tare da alamar zance ba.

Baba kuma kada ki yi musu da shi, kada ki ce Malam ya ce. Bayan sallar isha'i, in ya natsu, ki kai masa waƙar ki roƙe shi ya rera miki baiti ɗaya cikakke yadda yake so. In ya gama ki ce, "Baba, in da a zaure ne, ina mahallus shahid a nan?" Ki rubuta kalmomin da ya nuna. Sannan ki gaya masa cewa za ki sa waƙar gaba ɗayanta a rataye a ƙarshen jingar, baiti bi da baiti da lambobinsu, yadda duk wanda ya ga tsakure zai iya komawa ya ga inda aka ciro shi. Ki tambayi Malam ko ya yarda da ratayen, ba na zaton zai ƙi. In kin kammala, ki ba Baba takardar ya bi tsakuren ɗaya bayan ɗaya, ya gaya miki ko akwai inda kika sa wa mai waƙar abin da bai faɗa ba. Allah ya ba da sa'a, ki gaishe mini da shi.